Saƙon Hajiya mai kunun aya: yadda muka mai da yabon layi biyu talla ba tare da ƙarin gishiri ba

Ƙanena yana da ɗan shagon haɗa sola a wajen Ƙofar Ƙaura, cikin birnin Katsina, ni kuwa aikina rubuta wa ƙananan 'yan kasuwa talla. Wata ranar Laraba cikin watan Mayu, ana tsakiyar zafin bazara, ya turo mini hoton wani saƙo da wata kwastomarsa ta aiko masa ta WhatsApp. Ga abin da ta rubuta:

"Salam. Gaskiya aikinku ya yi kyau masha Allah. Tunda kuka sa mani ban ƙara sayen mai ba. Allah Ya ƙara kasuwa."

Kalma ashirin da ɗaya ke nan, har da sallama da addu'a. Matar dattijuwa ce, tana sayar da kunun aya da zoɓo da ƙanƙara daga cikin gidanta. Zan riƙa ce mata Hajiya, don haka ta zaɓa a kira ta a bainar jama'a. Ƙanena ya ji daɗin saƙon sosai, kuma yana da gaskiya, domin irin wannan yabo da ya zo ba a roƙa ba shi ne jarin mai sana'a. Sai dai yana ganin ya yi kaɗan. Kafin ya turo mini, ya riga ya zauna ya faɗaɗa shi da kansa, yana so in gyara masa Hausar kawai. Ga abin da ya rubuta:

"Na gwada masu sola da yawa a Katsina amma ban ga kamarsu ba. Tun da suka haɗa mini na rabu da janareta har abada. Ina adana sama da naira dubu sittin duk wata, cinikina ya ninka. Ina ba kowa shawara ya zo wurinsu."

A ƙasa ya sa sunanta da unguwarsu. Na kira shi na ce, "Wa ya faɗi wannan?" Ya ce, "Yaya, ai abin da take nufi ke nan. Na tabbata in aka tambaye ta ba za ta musa ba."

Ban ɗauke shi maƙaryaci ba, don na san shi. Abin da ya yi shi ne abin da yawancin masu shago suke yi da zuciya ɗaya: sun san aikinsu mai kyau ne, sai su ɗauki abin da suka sani su sa a bakin wanda ya yabe su. Amma da zarar an buɗe alamar zance an rufe, an sa sunan mutum a ƙasa, an shaida wa duniya cewa wannan mutum ya furta waɗannan kalmomi. In bai furta ba, an yi masa ƙage, ko da ƙagen na alheri ne.

Na ce ya zo gida da yamma. Na buga rubutun nasa a takarda, muka bi shi jimla jimla, kowace muna tambayar abu guda: daga ina ta fito? "Na gwada masu sola da yawa": ya amsa cewa bai sani ba, wataƙila ma shi ne na farko da ta taɓa kira. "Har abada": an haɗa mata solar ne farkon Afrilu, bayan ƙaramar salla, ke nan sati biyar kacal ta yi da ita. "Cinikina ya ninka": ba ta taɓa yi masa zancen ciniki ba. "Ina ba kowa shawara": addu'a ta yi masa, ba ta ba kowa shawara ba.

Inda muka fi daɗewa shi ne wurin dubu sittin, domin a nan yana da hujja. Ya ce ranar da ya je duba gidan ta faɗa masa galan ɗaya na yi mata kwana biyu. Galan lita huɗu ne, ke nan lita biyu a rana. Ya ninka da kwana talatin, ya samu lita sittin, ya sa kuɗin lita a kan naira dubu, sai ga dubu sittin. Lissafin bai ɓaci ba. Matsalarsa ita ce lissafin nasa ne, ba nata ba, kuma ya ginu a kan zaton cewa kullum take tayar da janareta, duk wata, ba fashi. Wannan zaton babu wanda ya tabbatar da shi. Irin wannan adadi ya fi kowace ƙarya haɗari a cikin talla, saboda yana kama da gaskiya ƙwarai, mai karatu kuma zai ɗauke shi ya yi nasa lissafin, ya ci bashi ko ya sayar da ragunansa a kan abin da ya ɗauka wata mata ta gani da idonta.

Da muka gama sharewa, abin da ya rage shi ne ainihin saƙon: ta gamsu da aikin, kuma tun da aka haɗa ba ta sayi mai ba. Ƙanena ya dubi takardar ya ce, "To Yaya, wannan ai ba ya sayar da kaya." Na yarda da shi. "Aikinku ya yi kyau" magana ce da ake faɗa wa tela da magini da mai lalle, ba ta gaya wa kowa komai game da sola. Amma abin da rubutun ke buƙata ba a cikin kaina yake ba, yana wurin Hajiya. Wanda ya rubuta layi biyu yana da labarin shafi biyu, bai dai ga dalilin rubuta shi ba. Aikin mai rubuta talla shi ne ya je ya ɗebo.

Zuwa gidan Hajiya

Ƙanena ya kira ta ya nemi izini, ya faɗa mata gaskiyar abin da ake so: za a yi amfani da maganarta a talla, yayarsa za ta zo su yi hira, kuma ba za a fitar da komai ba sai ta ji ta amince. Yana shirin ƙarawa da cewa zai kawo mata fanka mai caji tukwici, na ɗaga masa hannu. Na bayyana masa daga baya: in aka yi wa mutum alkawarin kyauta kafin ya buɗe baki, yabonsa ya zama na biya, kuma in an biya, haƙƙin mai karatu ne a faɗa masa. Mun fi son maganar da ba mu da abin ɓoyewa a bayanta. Sai ya bar zancen fanka.

Na isa gidan da hantsi. A tsakar gida akwai manyan robobi biyu da aka jiƙa aya, wata yarinya tana cire wa dabino ƙwallo, a inuwar rumfa kuma firiza biyu a jere. Ɗaya tana ɗan ƙugi, gefenta da ɗumi. Ɗayar shiru, an ɗora mata tire da ludayi a kai. Na lura da wannan tun kafin mu gama gaisawa, na ajiye a raina.

Na nemi izinin ɗaukar muryarta a waya, na ce don kada in rubuta abin da ba ta faɗa ba. Ta ce, "Ɗauka mana ɗiyata, ba komi."

Tambayar ita ce rabin aikin, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle. Mu mutane ne masu kara. In na ce wa dattijuwa a cikin gidanta, "Hajiya, ai kin ji daɗin saurin aikinsu ko?" za ta ce "Ƙwarai kuwa," ko da sun ɓata mata rai, don ba za ta kunyata baƙuwa ba, balle yayar mai aikin. In na koma na rubuta "Aikinsu akwai sauri" da sunanta, maganata ce na saka mata, ita ta ɗaga kai kawai. Saboda haka ban yi tambayar da amsarta ke cikinta ba. Na tambaye ta yadda take yi kafin a haɗa solar, na yi shiru.

Ta ce in wuta ta ƙi, sai janareta, galan ɗaya kwana biyu. Na ce, kullum ne? Ta ce a'a, wani satin wuta na zama, sai ta yi kwana uku huɗu ba ta taɓa shi ba, wani satin kuma kamar an yi gaba da su. Ba ta rubutawa, ba za ta iya cewa ga abin da take kashewa a wata ba. Da wannan amsar dubu sittin ta faɗi.

Na ce ta ba ni labarin rana ɗaya da abin ya fi damun ta. Nan ne ta gyara zama. Ta ce cikin azumin da ya wuce ta haɗa kunun aya roba arba'in da daddare, ta jera a firiza, wuta ta ɗauke bayan ta kwanta, yaron da ke tayar da janareta ba ya gida. Kafin la'asar, lokacin da masu saye ke zuwa don buɗa-baki, duk ya yi tsami. "Kin san kunun aya ba shi da haƙuri," in ji ta. "Zoɓo ya jira ka, shi ba ya jira." Ta zubar da shi duka. Tun daga ranar, ta ce, ba ta ƙara barci mai nauyi ba, sai ta riƙa farkawa tsakar dare ta fito da fitila ta taɓa jikin firiza ta ji ko tana aiki.

Na ce, yanzu fa? Ta yi dariya ta ce, "Yanzu sai kiran assalatu ke tashe ni."

Da na zauna shekara ina ƙirƙira, da ban ƙirƙiro wannan jimla ba. Ita ce ta zama zuciyar tallan.

Na tambaye ta abin da ya sa ta yi jinkiri kafin ta saya. Ta ce kuɗin da yawa, sai da ta haɗa da adashi, kuma maƙwabta sun yi ta ce mata sola fitila da fanka kawai take ɗauka, ba ta iya firiza. Wannan amsa tana da daraja, domin ita ce shakkar da ke zuciyar duk matar da za ta karanta tallan. Shaida mai ƙarfi ita ce wadda ta faro daga inda mai karatu yake tsaye.

Sai na juya ga firizar da ke shiru. Ta ce ai ita ba a haɗa ta da solar ba, ƙanena ya faɗa mata tun farko cewa kayan da kuɗinta suka saya firiza ɗaya za su riƙe, da fanka da fitilu. Ta biyun sai an kawo wuta take kunna ta, ta yi ƙanƙara. Da can janareta na ɗaukar duka biyun, yanzu ta haƙura da ta biyun in babu wuta. Ke nan maganar "ban ƙara sayen mai ba" gaskiya ce tsantsa, amma tana da sharaɗi a ƙarƙashinta. Mai firiza biyu da ya karanta ta ba tare da sharaɗin ba, zai ɗauka kaya iri ɗaya za su raba shi da janareta, kuma ba haka ba ne. Ana iya yaudarar mutum ba tare da an ƙara ko kalma ɗaya ba, ta hanyar cire kalmar da take daidaita sauran.

Na tambaye ta ciniki. Ta ce, "Alhamdu lillahi, sai godiya." Na bar maganar a nan. Duk wanda ya san 'yan kasuwarmu ya san wannan amsa ba ta nufin ciniki ya ninka, ba ta kuma nufin ya ragu. Rufe ƙofa ce cikin ladabi, kuma haƙƙinta ne.

Tambayar ƙarshe ita ce wadda masu shago ba sa so: akwai abin da bai yi miki daɗi ba? Ta ɗan yi jim, ta ce daren farko inbatar, na'urar da ke juya wutar batir ta zama irin ta gida, ta yi ta ƙara, ta tsorata ta kashe komai. Ta ce ta kira ƙanena da safe, ya zo kafin azahar ya gyara wani saiti, tun daga nan ba ta sake ji ba. Hirar duka ba ta kai minti ashirin ba.

Abin da alƙalami ya taɓa da abin da bai taɓa ba

Da na koma gida na saurari muryar na rubuta ta kalma da kalma, har da "kin gane" da "wallahi" da maimaici. Wannan shi ne asalin da ake komawa in gardama ta tashi. Daga nan na raba abin da ke hannuna gida uku: abin da Hajiya ta faɗa da bakinta, abin da ke cikin rasit da littafin shago, da abin da ni ko ƙanena muke zato. Na farko ne kaɗai ke shiga cikin alamar zance. Na biyu yana shiga tallan amma da muryar shago, a waje da maganarta. Na uku ba ya shiga ko'ina.

Wannan rabon ya warware wata matsala da ta taso nan take. Ƙanena yana so maganarta ta ƙunshi cewa an sa mata faifan sola huɗu da batirin litiyom ɗaya da inbata. Gaskiya ne, yana cikin rasit. Amma Hajiya ba ta san sunan batirin ba, "akwatin nan" take ce masa. In aka ji ta tana lissafa kayan aiki kamar injiniya, duk wadda ta san ta za ta gane ba ita ba ce, wadda ba ta san ta ba kuma za ta ji maganar ta yi ƙamshin talla. Sai muka sa bayanin a layin ƙasa, shago na faɗa da bakinsa.

A cikin maganarta kuwa na yi gyara, ban kuma ɓoye hakan ba. Magana ta baki ba ta karantuwa in an zuba ta yadda take. Na cire maimaici, na cire inda ta katse don ta yi wa yarinyar nan magana, na haɗa jimlolin da suka rabu da juna da minti biyar, na jera su daga da zuwa yanzu. Ma'aunin da nake amfani da shi guda ne: in aka kunna muryar aka karanta rubutun a gefenta, shin za a samu kowace jimla a ciki, da ma'anar da ta ba ta? Cirewa halal ce muddin abin da aka cire bai canza ma'anar abin da aka bari ba. Ƙari kuwa ba na yi, ko na kalma ɗaya. Ta ce "ya zo kafin azahar", ban mai da shi "nan take" ba. Ta ce "roba arba'in", ban ce "sama da arba'in" ba. Ban kuma goge Katsinancinta na mai da shi Hausar jarida ba. "Mani" ta zauna yadda ta faɗe ta, domin irin wannan ne ke sa mai karatu ya ji mutum ne mai rai ke magana.

Akwai wuri ɗaya da na kusa zamewa, zan faɗe shi don ya fi kowanne koyar da ni. Na rubuta: "An ce mani sola ba ta ɗaukar firiza, amma tasu ta ɗauka." Da na sake sauraro sai na ji ba ta ce "tasu" ba. Cewa ta yi, "ga ta nan tana ɗauka." Bambancin kamar ba komai, amma "tasu" na nuna solar wannan shago ta fi ta wasu, kwatancen da ba ta yi ba. Na mayar da kalmominta.

Mun yi ja-in-ja da ƙanena a kan zancen inbata. Ya ce, "Yaya, ina tallata kaina kuma in faɗa wa mutane kayana sun yi ƙara?" Na ce masa ya tuna abin da mutane suka fi tsoro game da masu haɗa sola: a karɓi kuɗinka, a ɗaura kaya, in matsala ta taso ka kira waya ba a ɗauka. Labarin inbata yana amsa wannan tsoro fiye da duk wani kirari da zai yi wa kansa. Cire shi ba zai zama ƙarya ba, tun da an gyara matsalar kuma ba ta canza hukuncin Hajiya a kan aikin ba, don haka zaɓi ne na dabara. Zancen firiza ɗaya da sati biyar kuwa ba zaɓi ba ne, dole su shiga. Ya yi tunani ya ce a bar duka.

Ga abin da muka tsara kafin in kai mata:

"An ce mani sola ba ta ɗaukar firiza, ga ta nan tana ɗauka. Cikin azumi na zubar da kunun aya roba arba'in don wuta ta ɗauke. Da sai in tashi tsakar dare in taɓa firiza, yanzu sai kiran assalatu ke tashe ni. Daren farko inbata ta yi ƙara, na kira shi da safe, ya zo kafin azahar ya gyara. Tunda suka sa mani ban ƙara sayen mai ba."

A ƙasa: Hajiya, mai kunun aya da zoɓo, Katsina. Ta faɗi haka cikin watan Mayu, sati biyar bayan haɗawa. Sai layin shago: Mun haɗa mata faifai huɗu, batir ɗaya da inbata, don firiza ɗaya da fanka da fitilu. Firizarta ta biyu ba ta kan solar.

Ko a jimlar ƙarshe akwai ɗan sauyi: a saƙonta "kuka" ta rubuta, tana magana da ƙanena, na mai da shi "suka" don yanzu da jama'a take magana. Na nuna mata wannan da kaina.

Izini

Na koma na karanta mata da ƙarfi, a hankali, sau biyu. Na fi son karantawa da baki a kan tura rubutu, domin mutane kan amsa saƙo da "ya yi" ba su karanta ba. Ta ce duk maganarta ce. Ta gyara abu ɗaya: na rubuta "na kira shi da safe", ta ce ba ita ta kira ba, jikanta ta sa ya kira. Muka mai da shi "na sa aka kira shi". Ƙaramin abu ne, amma ya nuna mini tana sauraro da gaske, amincewarta ba ta kara ba ce.

Sannan muka bi abin da ya shafi sirrinta ɗaya bayan ɗaya, don yarda da magana daban, yarda da suna daban. Suna: a'a, a ce Hajiya. Unguwa: a'a, kada mutane su san gidan da ke da kayan kuɗi a kan rufi. Hotonta: a'a, maigidan ma ba zai so ba. Hoton robobin kunu a cikin firiza: to. Muryarta a rediyo ko a bidiyo: a'a. Inda za a sa: sitatus ɗin WhatsApp na shago, shafinsa na Facebook da takardar da ake rabawa. Na sa ta faɗi amincewar a saƙon murya, ta ambaci waɗannan wurare, muka adana shi tare da hoton saƙonta na farko da muryar hirar. Na kuma gaya mata duk ranar da ta ce a cire, za a cire.

Ƙanena ya ji ciwon rashin sunan, domin shaida mai suna da fuska ta fi ƙarfi, haka ne. Har ya ce ko a sa wani suna haka nan, da hoton wata daga intanet. Wannan ma ƙirƙira ce, kuma ita ce mafi saurin tonuwa a gari irin Katsina inda kowa ya san dangin kowa.

Ba tsoron Allah da kunyar jama'a kaɗai ke nan ba, akwai doka. Dokar gasa da kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta hana a tallata kaya da bayanin ƙarya ko mai ɓatar da mai saye. Dokar 2022 ta kafa ARCON a madadin APCON don kula da harkar talla a Najeriya, har da wanda ake yi a intanet, kuma tana buƙatar a tantance talla kafin a fitar da shi, don haka mai shago ya nemi sanin abin da ya hau kansa a nan. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma ita ta sa ɗaukar suna da hoto da muryar mutum a sa a talla ba da yardarsa ba ya wuce rashin ladabi kawai. Ƙaramin shago ba ya wajen waɗannan dokoki don ƙanƙantarsa.

Bayan fitar tallan, abin da ƙanena ya lura da shi shi ne tambayoyin masu kira sun canza. Da "nawa ne sola?" ake ce masa. Yanzu mata masu sana'ar sanyi ke kira suna cewa, "Irin ta Hajiyar nan, in firiza biyu ce nawa za ta kama?" Sun zo da sanin iyakar kayan, bai sha wahalar rage musu buri ba.

Cikin watan Agusta aka yi kwana biyu a jere ana ruwa, rana ba ta fito ba, wuta kuma babu. Batirin ya sauka, Hajiya ta aika aka sayo mai rabin galan ta tayar da janareta. Ba ta yi ƙorafi ba, don an faɗa mata tun farko cewa hadarin damina da ƙurar hunturu na rage abin da faifai ke tarawa. Ƙanena ya ji labarin ne ranar da ya je wanke faifan. Ya kira ni daga gidan ya ce, "Yaya, jimlar nan ta ƙarshe fa ta tsufa." Kwanan watan da muka sa a ƙasa ya kare tsohon rubutun daga zama ƙarya, amma ba mu so a ci gaba da rabawa mutane maganar Mayu a watan Agusta kamar ba abin da ya faru. Na ce ya ba ta wayar. Na tambaye ta yadda za ta faɗi maganar man in yau aka tambaye ta. Ta ce, "Wata huɗu, sau ɗaya na sayi mai, ran da aka kwana biyu ana ruwa." Na karanta mata, ta ce haka ne. Muka sauya jimlar da kwanan watan a WhatsApp da Facebook a daren, takardun da suka rage a shago kuma ƙanena ya ajiye su gefe ya ba da a buga sababbi.